Dogon zance ko jerin kalmomi: wanne injin zane ya fi ji?

Mai Bugu na Zango: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da matsalar da ta hana ni barci kwana biyu, kuma sallah na matsowa. Wata hajiya mai shagon ɗinki ta ba ni aikin afish. Abin da take so ba shi da wuya a baki: dattijo cikin farar babbar riga da jar dara a hagu, yaro cikin shuɗin kaftani a dama yana riƙe da koriyar darduma, kamar za su idi, bayansu bangon ƙasa mai zane irin na unguwar Birni a nan Zinder. A kwamfutar shago ina da Stable Diffusion 1.5, injin da ke zana hoto daga rubutu, ina tuƙa shi da manhajar AUTOMATIC1111, don ba ya buƙatar rezo. Ga abin da na rubuta masa:

```
An old man in a white embroidered robe and a red cap stands on the left. A boy in a blue tunic stands on the right, holding a green prayer mat. Behind them is a decorated mud wall.
```

Hoto takwas na fitar. A wasu jar hular na kan yaro, a wasu rigar dattijon ta yi shuɗi, a ɗaya bangon ne ya zama kore. Ɗaya ma mutum uku ya kawo. Da na gaji sai na hau wani shafi mai wani injin zanen da ake kira Flux a salula, na ba shi jerin kalmomi irin wanda na ga ana yi:

```
old man, boy, white robe, blue tunic, red cap, green prayer mat, mud wall, masterpiece, best quality, 8k
```

Hoton ya yi kyau sosai, amma dardumar na hannun dattijo, kuma su biyun duk da hula. To wanne ne daidai, dogon zance ko jeri? Kowane na gwada ya saɓa.

Ɗan Jami'a: Wa alaikumus salam yaya. Amsar a fili take. Stable Diffusion ba ya karanta fiye da gutsure 77 na rubutu, wato kalmomi ko ɓangarorin kalmomi, biyu daga ciki alamar farko da ta ƙarshe ne, saura 75 naka. Zancenka ya yi tsawo, ya yanke wutsiyar. Ka gajarta kawai.

Mai Bugu na Zango: Na duba wannan, ƙanena. Lambar da ke kusurwar akwatin rubutu ba ta ma kai 50 cikin 75 ba. Kuma bangon da na ambata a ƙarshe ya fito a duk hotunan. Da an yanke wutsiya ai shi zai fara ɓacewa.

Injiniya ƴar Birni: Ɗan Jami'a ya faɗi gaskiya a kan iyakar 75, ko da yake AUTOMATIC1111 ba ya yanke abin da ya wuce ta, sabon kaso yake buɗe masa, kuma ba ita ta kama ka ba. Malam, abin da ya faru shi ne ka musanya abincin: wanda ke son jeri ka ba shi zance, wanda ke jin zance ka ba shi jeri.

Bari in yi bayani a hankali. Kowane injin zane ma'aikata biyu ne a ciki. Akwai makaranci, wanda ke karɓar rubutunka ya mayar da shi lambobi, akwai kuma mai zane, wanda bai taɓa ganin rubutunka ba, lambobin nan kawai ake miƙa masa. Makarancin Stable Diffusion 1.5 sunansa CLIP. OpenAI suka fito da shi a 2021, an horar da shi da hotuna miliyan 400, kowane da ɗan rubutun da ke maƙale da shi a intanet. Aikin da ya koya ɗaya ne: a nuna masa hoto da rubutu ya ce sun dace ko ba su dace ba. Don cin wannan jarrabawa ya ishe shi ya gane cewa akwai tsoho, akwai yaro, akwai ja, akwai hula. Ba a cika tilasta masa ya san kan wa hular take ba. Shi ya sa yake kwashe kalmominka kamar mai zuba kayan miya cikin kwarya ɗaya. Komai na ciki, amma wane na wane ya ɓace.

Shi ma mai zanen haka. Tarin hotunan LAION da aka koyar da shi da su, rubutun da ke tare da su mafi yawa gajeru ne, irin sunan kaya a kantin intanet ko taken hoto a jarida. Da wuya ka samu wanda ya ce wane na hagu wane na dama.

Flux kuwa, wanda Black Forest Labs suka saki a Agustan 2024, makaranta biyu gare shi. Yana da CLIP ɗin, sannan yana da T5-XXL, wanda aka horar a kan cikakken rubutu, jimla bayan jimla. Shi ya san cewa idan aka ce yaro yana riƙe da darduma, riƙon na yaro ne. Amma sai ka faɗa masa. A jerinka babu inda ka ce dardumar ta yaro ce. Ka jera tsoho, yaro, riga, kaftani, hula, darduma, ka bar masa rabon. Ya raba yadda ya saba gani, kuma a hotunan duniya dattijo da darduma sun fi tafiya tare.

Ka ɗauki jimlolin nan uku na farko, kada ka canja ko waƙafi, ka ba Flux. Ka dawo ka gaya mana.

Mai Hoto: Ni dai ban yarda da wannan rabon gida biyu ba. Tun ƙarshen 2022 nake amfani da jerin kalmomi, ina fitar da hoton da ba ka bambanta shi da na kyamara. Dogon zance ɓata lokaci ne. Inji ba mutum ba ne da za a yi masa hira.

Injiniya ƴar Birni: Baba Mai Hoto, hotunan naka mutum nawa ne a ciki?

Mai Hoto: Galibi ɗaya. Fuska da kafaɗa, irin na sitidiyo.

Injiniya ƴar Birni: To nan jeri ba shi da na biyu, kuma ban musa maka ba. Idan mutum ɗaya ne, duk abin da ka lissafa nasa ne. Hula tasa, riga tasa, haske a kansa. Babu rabon da za a yi kuskure a ciki. Rigimar tana farawa ne ran da aka ce mutum biyu, launi huɗu, hagu da dama.

Mushe na Lakwal: Salamu alaikum. Na ji daɗin wannan magana. Ni ma na lura idan zan nemi darasi a Google, kalma uku ta fi ba ni amsa fiye da doguwar tambaya. Ina koya wa ƴan lakwal haka, su rubuta muhimman kalmomi kawai. Ashe ina kan hanya.

Ɗan Jami'a: Mushe, ba neman abu ake magana ba, zana hoto ne daga rubutu. Wancan yana nemo abin da ke akwai, wannan yana ƙirƙiro wanda babu.

Mushe na Lakwal: To, na gane. A yi mini afuwa. Amma bari in tambaya tunda na shigo: dole sai da Ingilishi? Mu nan Faransanci muka karanta. Ko da Hausa ma, ba ya ji?

Mai Bugu na Zango: Mushe bari in fara kawo rahoto, sai a dawo kan taka. Na ba Flux jimlolin kamar yadda Injiniya ta ce. Hoto huɗu na yi, saboda kowane yana cin kuɗi. Duka huɗun dattijo na hagu da jar hula, yaro na dama da darduma. Wallahi rubutu ɗaya ne da wanda ya rikice a kwamfuta. Amma wata sabuwa ta taso. Rigar ba babbar riga ba ce, jallabiya ce irin ta Larabawa. Bangon kuma kamar na wani gari can arewacin hamada, ba namu ba. Idan na kai wa Hajiya wannan za ta ce ba ɗinkinta ba ne.

Hajiya Mai Ɗinki: Ai ina nan ina karantawa, ɗana. Jallabiya kam a'a. Mutane su ga afish su zo neman abin da ba na ɗinkawa? Babbar riga nake so, mai aiki a ƙirji, a ga aska. Kuma yaron kada a sa masa hula, askin sallah nake so a gani.

Injiniya ƴar Birni: Hajiya barka da yamma. Wannan gyaran naki shi ne ainihin inda dogon zance ke biyan kuɗinsa.

Kalmar `robe` a hotunan intanet ta haɗa rigar wanka, rigar alƙali, rigar limamin coci da jallabiya. Babbar riga kaɗan ce a cikinsu. Hanya biyu ce. Ta farko ka nemi sunan da masu sa hoto a intanet suke kiran abin da shi, wato `boubou` ko `agbada`. Wannan dabarar masu jeri ce, kuma tana aiki a injunan biyu, don sunan yana janyo hotunan da aka koya da shi. Sai dai agbada kan zo da hula da yanayi irin na ƙasar Yarbawa, sai ka sa ido. Hanya ta biyu ka siffanta rigar kamar kana gaya wa telan da bai taɓa ganinta ba: faɗinta, hannun da ake naɗewa a kafaɗa, aikin da ke gefen hagu na ƙirji kewaye da aljihu. Wannan sai mai jin zance. Idan ka ba CLIP irin wannan siffantawa, zai tsinci kalmar aljihu da kafaɗa ya watsa su inda ya ga dama.

Ga yadda zan rubuta wa Flux, in haɗa hanyoyin biyu:

```
On the left, an elderly West African man wears a very wide white boubou, its sleeves folded onto his shoulders, with dense embroidery on the left chest, and a red felt cap. On the right, a boy with freshly shaved hair wears a blue kaftan and carries a rolled green prayer mat. Behind them is an earthen wall with raised geometric patterns and small pointed pinnacles on the roofline.
```

Ka lura da abu uku. Kowane mutum jimlarsa daban, da kayansa a cikinta, don kada launi ya tsallaka. Ban ce Zinder ko Birni ba, na siffanta zanen bango da zanko, saboda hotunan garinmu ba su da yawa a abin da aka koya masa, sunan kaɗai ba zai janyo komai mai kama da gidajenmu ba. Na uku, ban rubuta cewa yaro ba shi da hula ba. Na ce an yi masa sabon aski.

Hajiya Mai Ɗinki: Me ya sa? Ba sai a ce masa kada ya sa ba?

Injiniya ƴar Birni: Hajiya, da zarar kalmar hula ta shiga jimlar yaro, ta shiga. CLIP kusan ba ya jin "babu". Ki rubuta `no hat`, abin da ya fi kamawa shi ne `hat`, sai ya kawo hular. Masu jin zance sun fi shi, amma su ma suna zamewa a nan, don rubutun da ke bayanin hoto yana faɗin abin da ke cikin hoto ne, ba abin da babu ba. Shi ya sa Stable Diffusion yake da akwati na biyu, `Negative prompt`, inda ake zuba abin da ba a so. Midjourney kuma yana da `--no`. Nau'o'in Flux na `dev` da `schnell`, yadda aka sake su, ba sa aiki da wannan akwatin. Abin da ya rage shi ne ki faɗi abin da kike so ya cike gurbin. Kai mai aski ba ya ɗaukar hula.

Ɗan Jami'a: Amma anti, me zai hana ya ƙara wa kalma nauyi? Ni haka nake yi, komai ya ƙi sai in sa `(red cap:1.4)` ya fito.

Injiniya ƴar Birni: Zai fito, har ya wuce gona da iri. Nauyi yana cewa a ƙara wannan abu ne, ba ya cewa a kan wa. Ka ɗaga jar hula zuwa 1.4 a hoton mutum biyu, abin da ya fi yiwuwa shi ne su biyun su samu, ko jan ya malala zuwa riga. Sannan baka biyun nan ba yaren injin ba ne, yaren AUTOMATIC1111 da ire-irensa ne. Manhajar ce ke karanta su ta ninka lambobin kafin ta miƙa wa mai zane, baka ɗaya tana ninkawa da 1.1. Ka kai su shafin da bai san wannan tsarin ba, sai a karanta su a matsayin rubutu kawai, baka da ɗigo da lamba. Mutane da yawa suna kwafo umarni daga wani wuri su liƙa a wani, ba su san rabinsa ya zama shara ba.

Mai Hoto: To `masterpiece` da `best quality` fa? Kar ki ce mini su ma shara ne. Na cire su na gani, hoto yana raguwa.

Injiniya ƴar Birni: Ya danganta da wanda kake tuƙawa, Baba. Waɗannan kalmomi sun yaɗu ne daga injunan zanen katun na Japan a 2022, waɗanda aka horar da hotuna masu alamomi irin na shafin Danbooru, inda kowane hoto yake da jerin kalmomi kamar `1boy` da `white shirt`. An sa wa hotuna masu kyau alamar inganci lokacin horo, don haka a wurinsu kalmar tana da ma'ana ta gaske. Da yawa daga cikin injunan da mutane ke saukewa a kan tushen 1.5 an gauraya su da waɗancan, sun gaji halin. Idan naka irinsu ne, abin da ka gani gaskiya ne. Amma Flux ba a raine shi da wannan yare ba. Ko Midjourney da suka fito da V6 a Disambar 2023 sun gaya wa mutane su sake koyon rubuta umarni, su bar cusa irin su 4k da 8k.

Mai Hoto: Ni dai ko a Flux ina ganin bambanci idan na sa.

Injiniya ƴar Birni: Bambanci za ka gani, don kowace kalma ka ƙara tana motsa lambobin. Tambayar ita ce ko ya fi kyau ne ko ya canja ne kawai. Ga yadda ake ganewa. Ka kafe `Seed`, wato lambar sa'ar da inji ke fara hoto da ita, a lamba ɗaya, kada ka bar shi a -1 mai canjawa kowane karo. Ka fitar da hoto da kalmar, ka fitar ba ita, sauran komai yadda yake. Ka maimaita da lamba takwas daban-daban, 1 zuwa 8. Sannan ka ba wani ya zaɓa bai san wanne ne wanne ba. Hoto ɗaya ba hujja ba ne, sa'a tana shiga. Kuma a kula, `Seed` ɗaya a inji biyu daban ba ya ba da hoto ɗaya, gwajin a cikin inji guda ake yinsa.

Mai Hoto: Zan gwada, amma idona na shekara ashirin a sitidiyo ba ya yi mini ƙarya.

Mai Bugu na Zango: Jama'a ku dawo kaina. Sabon rubutun Injiniya ya yi. Rigar ta buɗe, hannu a kafaɗa, yaro da askinsa. Aikin ƙirjin ba aska takwas ba ce sak, wani zane ne mai kama, amma daga nesa babbar riga ce. Bangon ya matso kusa da namu, zankon dai ya yi tsini fiye da kima. Damuwata yanzu ita ce ba kullum nake da rezo ko kuɗin shafi ba. Idan aiki irin wannan ya zo kuma kwamfutar shago kaɗai gare ni, ya zan yi? Katin hotonta giga 4 ne, an ce Flux ba zai zauna a ciki ba.

Ɗan Jami'a: Flux ai sigogi biliyan 12 gare shi, ban da T5 ɗin kansa. Ko an matse shi, a giga 4 wahala za ka sha. Ka yi amfani da `BREAK` a 1.5, yana raba mutanen.

Injiniya ƴar Birni: `BREAK` na taimakawa, amma kada a ɗora masa abin da bai iya ba. Abin da yake yi shi ne ya rufe kason gutsure 75 na farko ya buɗe sabo, sai a karanta kowane kaso daban. Wannan yana rage cuɗanyar launi a wajen makaranci. Mai zane kuwa duk kason biyu yake kallo a ko'ina cikin hoton, don haka ba a gaya masa wa ke hagu ba.

Ni da kwamfutarka gare ni, ba zan nemi mutum biyu a tashi ɗaya ba. Zan fara da dattijo shi kaɗai, da jeri, abu mafi muhimmanci a gaba don kalmomin farko sun fi tasiri:

```
elderly west african man, white boubou, embroidery, red cap, standing, full body, earthen wall
Negative prompt: bathrobe, turban, extra people
```

Layi na biyun a akwatin ƙasa ake sa shi, ban da kalmomin `Negative prompt:` ɗin. Ka sa faɗi 768 tsayi 512, ka yi ta fitarwa har ka samu wanda dattijon ya karkata gefe ya bar fili. Kada ka faɗaɗa fiye da haka, don a kan 512 aka horar da shi, idan filin ya yi yawa sai ya cike shi da maimaita mutum. Ina zaton abin da ya kawo maka mutum uku ke nan. Sannan ka aika hoton zuwa `Inpaint`, inda ake sake zana ɓangaren da ka shafe kaɗai, ka shafe gefen dama inda yaro zai tsaya, ka share rubutun dattijo gaba ɗaya, ka rubuta na yaro kaɗai: yaro, shuɗin kaftani, aski, koriyar darduma. `Denoising strength`, ma'aunin yawan canjin da zai yi, ka ɗaga shi wajen 0.9 tunda sabon mutum kake so a inda babu kowa. Idan ka fara shafa ɗan shuɗi da hannu a wurin, mai siffar mutum a tsaye, za ka iya saukowa wajen 0.7 kuma ya fi bin tsayin da ka ba shi. Yanzu ja da shuɗi ba su taɓa haɗuwa a rubutu ɗaya ba, babu ta inda za su gauraya. Rabon da jimla take yi wa Flux, kai ka yi shi da hannunka.

Mai Bugu na Zango: Faɗin 1024 na sa a farkon, don afish ɗin kwance ne. Ashe nan ma akwai laifi. Wannan hanya za ta ci lokaci, amma kuran kawai take ci.

Mushe na Lakwal: Kada a manta da tambayata ta harshe.

Injiniya ƴar Birni: Ban manta ba, Mushe. CLIP da T5 ɗin da ake sa wa waɗannan injuna, Ingilishi ne mafi yawan abin da suka karanta. Faransanci yana ɗan shiga, musamman sunayen abubuwa sanannu, amma dangantakar da muke ta magana a kai, wa ke riƙe da me, ita ke fara lalacewa. Hausa kuwa kalmominta farfashewa suke gutsure-gutsure, masu ƙugiya irin ƙ da ɗ sun fi cin wuri, kuma bayan duk wannan ba su nuna masa komai.

Ɗan Jami'a: A nan ban yarda ba, anti. Na rubuta da Hausa tsantsa a ChatGPT na ce a zana mini raƙumi a bakin rijiya, kuma ya zana.

Injiniya ƴar Birni: Na yarda ya zana. Amma a irin wannan akwai tafinta a tsakani. Lokacin DALL-E 3, injin zanen ChatGPT wanda ya fito a 2023, abin da ka rubuta ba shi ke isa ga mai zane ba. Ana sake rubuta shi dogo da Ingilishi tukuna, masu shiga ta hanyar shirye-shirye ma ana dawo musu da sabon rubutun a ƙarƙashin `revised_prompt`. An yi haka ne da gangan, don an horar da mai zanen da dogayen bayanai masu siffanta hoto dalla-dalla, sai aka sa wanda zai mayar da gajeren zancen mutane irin wancan. Wannan yana da daɗi, yana da illa. Daɗin shi ne jeri ko jimla, Hausa ko Faransanci, duk za su wuce. Illar ita ce duk abin da ba ka faɗa ba tafintan zai cike da nasa. Ka ce riga kawai, ya zaɓa maka irin rigar.

Ɗan Jami'a: Na yanzu fa ba DALL-E 3 ba ne, tun 2025 aka canja. Ni ina ganin yana jin Hausar kai tsaye.

Injiniya ƴar Birni: To ka gwada shi da abin da raƙumi ba zai nuna ba. Ka ce babbar riga mai aska takwas, ko tukunyar ruwa a kan gammo. Ka kawo mana hoton mu gani tare.

Mushe na Lakwal: Ni ke nan in rubuta da Faransanci, in fassara zuwa Ingilishi, in duba fassarar kafin in liƙa. Zan iya wannan.

Hajiya Mai Ɗinki: Ɗana, na ga hoton da ka turo mini a salula. Rigar ta yi. Sai dai sunan shagon da ke sama, ɗ ɗin ɗinki ta koma wani abu daban, kamar an haɗa d da a.

Mai Bugu na Zango: Hajiya na gani. Na gwada ne in ga ko zai rubuta da kansa. Na sa sunan cikin alamar zance kamar yadda ake cewa, baƙaƙen boko na yau da kullum sun fito daidai, masu ƙugiya ne suka ƙi. Zan cire rubutun daga umarnin, in ce a bar sarari a saman bango, in rubuta sunan da kaina a manhajar tsara shafi da font mai ɗ da ƙ da ƴ.

Mai Hoto: Wannan kam ko ni haka nake yi. Kuma ka duba yatsun yaron a kan dardumar kafin ka buga babba. A salula ba a gani, a mita biyu kowa zai gani.

Mai Bugu na Zango: Na duba, biyar ne. Tambaya ta ƙarshe, Injiniya. Shafuka da yawa ba sa faɗin injin da ke ciki. Ta yaya zan san wanda ke gabana mai jin zance ne ko mai son jeri, kafin in zuba kuɗi?

Injiniya ƴar Birni: Ka ba shi ƙaramar jarrabawa mai rabo a ciki, wadda ba ta saba da abin da ake gani kullum ba:

```
a green goat on the left, a red chair on the right
```

Hoto huɗu sun isa. Idan akuyar ta fito koriya a hagu, kujera ja a dama, sau uku ko huɗu, yana jin jimla, ka yi masa zance. Idan launukan suna musanya ko akuyar ta hau kujera, ka koma jeri da `Inpaint`. Wata alamar kuma, ka duba misalan da masu injin suka sa a shafinsa. Yadda suka rubuta nasu, galibi haka aka horar da shi. Akwai na tsakiya irin SDXL na 2023, CLIP biyu gare shi ba T5, yana ɗaukar gajeriyar jimla fiye da 1.5 amma mutum biyu da launi huɗu suna iya rikita shi. Shi nakan rubuta masa jimla ɗaya gajera a gaba, in bi ta da jeri.

Mai Hoto: Na yi gwajin takwas ɗin da daren nan, a nawa injin na 1.5. Na ba ɗana ya zaɓa. Ya ɗauki masu `masterpiece` sau biyar, marasa shi sau uku.

Ɗan Jami'a: Biyar da uku ai kusan kunnen doki ne, Baba.

Mai Hoto: Biyar ta fi uku. Gobe zan yi na Flux, sha shida zan yi wannan karon.

Hajiya Mai Ɗinki: Ku dai ku yi ta gwajinku. Ɗana, afish ɗin nan ina son shi kafin Alhamis, guda biyu, ɗaya ƙofar shago ɗaya hanyar kasuwar Dole. Kuma ka rage tsinin zankon nan, namu ba haka yake ba.

Mai Bugu na Zango: In sha Allahu Hajiya. Zan canja `pointed` zuwa `short rounded`, in bar `Seed` yadda yake, mu ga ko rigar za ta tsaya. Idan ta motsa sai in ɗauki hoton da muke da shi in gyara zankon kaɗai a `Inpaint`.